Aiki Biyu da Wankan Baba

Yayana bai iya ciniki ba, kuma tun muna yara haka yake. In Inna ta aike shi kasuwa, abin da mai kaya ya faɗa shi zai biya, ya yi godiya, har ya yi wa mai kayan sannu da rana. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce in aka sayar da wannan yaron, shi zai taya mai saye ɗaure igiyar. Ni ce ƙanwarsa, ni kuma aka haifa da bakin da aka hana shi, shi ya sa duk faɗan da ya kamata ya yi a rayuwa ni na yi masa rabinsa.

A unguwa Mai Firij ake ce masa. Ya fara da firij na gida a rumfar wani tsohon makaniki, daga baya ya yi makarantar koyon sana'a ya fito da takarda, ya koma kan manyan ɗakunan sanyi, irin waɗanda mutum yake shiga da rigar sanyi a tsakiyar zafi. Ya daɗe a wani kamfanin madara. Da kunne yake aiki. In ya shigo gidanka, kafin ya amsa gaisuwa sai ka ga ya karkata kai wajen kicin, ya ce firijin nan naka yana wahala. Ko mu ba ya lura muna wahala da saurin da yake lura da injin.

Abu biyu suka same mu kusan lokaci guda. Baba ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba a daɗe ba kamfanin madarar ya rufe, aka sallami kowa.

Mu huɗu Baba ya haifa, Yaya kaɗai ne namiji. Baba kuwa mutum ne da ko singileti ba mu taɓa ganinsa da ita a tsakar gida ba. Da aka dawo da shi daga asibiti, babbar yayarmu ta ɗauko ruwan ɗumi za ta goge masa jiki, ya kalle ta da idon nan nasa har ta fita da baya. Tun daga ranar wankan Baba ya koma hannun Yaya. Kowace safiya zai ɗauke shi cak daga gado, ya zaunar da shi a kujerar roba a banɗaki, ya ja ƙofa. Abin da muke ji daga waje kawai ƙarar moɗa a bokiti, da muryar Baba da ta karkace tana faɗa: ruwan ya yi zafi, ruwan ya yi sanyi, kai ko jaki aka ba ka ka wanke sai ya kai ƙara. Yaya ya ce to, Baba. In sun fito, Baba ya sha aski, ya sa riga mai guga, sai ka rantse wani taro za shi. Abinci da magani da wankin kaya namu ne mu mata. Abin da ke bayan ƙofar nan na Yaya ne shi kaɗai.

Zaman banza ya yi wa Yaya tsawo. Yana ɗan gyare-gyaren gida-gida, amma mai mata da yara uku ba ya rayuwa a kan firijin maƙwabta, musamman mutumin da in an ce masa sai ƙarshen wata sai ya ce ba komai. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta fara rage hannu a tukunya ba tare da ta ce komai ba. Ya rarraba takardun neman aiki ko'ina.

Wuri biyu suka amsa. Na farko wani kamfanin rarraba magunguna ne a cikin gari, suna neman mai kula da ɗakunan sanyin da ake ajiye allurai. Daga gidanmu mota ɗaya ce. Mutum zai yi wa ubansa wanka, ya karya, ya isa a kan lokaci. Su ba da kansu suke ɗauka ba, wani ofishin samo wa kamfanoni ma'aikata suka ba wa aikin, kuma a ofishin wata mata ce ke riƙe da maganar Yaya. Ban taɓa ganinta ba. Ni na sa mata suna Za-mu-neme-ka, don da wannan take rufe kowace waya. Ta yi masa tambayoyi, ta tura shi wajen manajan sito, suka zaga ɗakunan tare, aka sake kiransa ya zauna da mutum uku a gaban tebur. Bayan nan shiru.

Na biyun masana'antar sarrafa nama ce, tafiyar yini guda cur. Ma'aikata a harabar suke kwana, ɗaki ɗaya mutum biyu, ba wurin iyali, balle tsoho mai kujera. Ana sakinsu su leƙa gida a ƙarshen wata. Su kuwa ba su yi wasa ba: suka gwada shi, suka aiko masa da tayin aiki a rubuce, suka ce ya sa hannu ya mayar kafin Juma'ar mako mai zuwa, in ba haka ba za su ba na bayansa.

Kun san abin da Yaya ya yi da wannan labari? Ya haɗiye shi. A gidanmu haka aka tashe mu: alheri ba a faɗinsa sai ya zauna daram. Mai ciki ba ta faɗa sai riga ta faɗa mata, mai tafiya ba ya faɗa sai ya ɗauki jaka. Inna ta yi imani baki yana lalata abu tun yana ɗanye, kuma Yaya ya sha wannan a nono. Ko mu 'yan'uwansa bai gaya mana ba, balle wata mata a ofis. Ya ci gaba da wankan Baba, yana duba waya, yana jiran Za-mu-neme-ka ta neme shi, kwanaki suna zubewa.

Anti ce ta kasa. Ranar Talata ta makon wa'adin na zo da maganin Baba, ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Yayanki ba ya barci," in ji ta. "An ba shi aiki can wajen naman, zuwa Juma'a zai ba da amsa. Ya ce kada in faɗa. To na faɗa, ya sake ni."

"Wace Juma'ar?"

"Wannan."

Na same shi a zaure ya kwance wata fanka da lafiyarta ƙalau yana goge ta. Ban ko gaishe shi ba.

"Yaya, ka gaya wa matar can kana da wani tayin a hannu?"

"Wa ya gaya miki?"

"Bango. Ka gaya mata?"

"In ce mata me? In ce ku yi sauri, ana rububina? Ai wannan cika baki ne. Sai ka ce mai sayar da akuya, ana taya ta yana cewa an ba ni fiye da haka."

"Ba cika baki ba ne tunda gaskiya ne! Matar nan boka ce da za ta san kana da wa'adi?"

"Sun ce za su neme ni."

"Za su neme ka, su tarar kana can kana daskarar da ƙafar saniya. Baba fa? Wa zai shiga da shi banɗaki, ni?"

Ya ajiye tsumman. Ban taɓa jin tausayinsa da haushinsa a haɗe kamar wannan lokacin ba. Mutum ne da ke jin ciwon injin daga ɗaki na uku, amma ba zai iya buɗe baki ya ce wa wata ina da buƙata ba.

Da yamma maigidana ya zo ɗaukata, na gaya masa, shi kuma ya zo da tasa dabarar. Ɗan kasuwa ne, a wurinsa magana ba ta daɗi sai an sa mata gishiri.

"Yaya, kada ka ce mata tayi ɗaya," in ji shi. "Ka ce biyu. Ka ce sun ba ka gida da mota, kuma gobe-gobe suke son amsa. Ka ga yadda za su rikice."

"In ta ce in turo ta gani fa?"

"Ka ce sirri ne."

"In ta ce to, Allah ya sanya alheri, ka karɓi gidan da motar?"

Maigidana ya sosa ƙeya. Yaya ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masu ɗakunan sanyi ba su da yawa, kowa ya san abin da ake ba kowa. Abin da ke hannunsa shi zai faɗa, ba ƙari. A nan kam na goyi bayansa, ko da yake a mota sai da na sha magana.

Ranar Laraba da safe, bayan ya gama da Baba, muka zauna a ɗakin Anti. Ya sa wayar a bayyane don in ji, bisa sharaɗin in kama bakina. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin katinsa. Sai da na zungure shi da gwiwar hannu sannan ya shiga magana kamar mai neman gafara.

"Ranki ya daɗe, dama wata 'yar magana ce. Wani kamfani ya ba ni aiki, a rubuce, kuma jibi Juma'a ne ƙarshen wa'adin da suka ba ni. Ni kuwa naku na fi so. Ba ƙarin albashi nake nema ba. Ina so ne in san ko akwai yadda za a yi in ji matsayata kafin lokacin."

Na zaci za ta ji haushi. Ko kaɗan. Muryarta ma sai ta canza, ta bar ta ofis ta koma ta mutane.

"Na gode da ka faɗa mini. Bari in tambaye ka, kada ka ji komai, kowa nake tambaya. A rubuce ne da gaske, ko dai sun ce maka za su ba ka?"

"A rubuce ne. In kina so in turo."

"Ba sai ka turo ba, ba sai ka faɗi sunansu ba ma. Mutane da yawa suna kirana su ce suna da tayi, in na tambayi ranar wa'adi sai su fara tari. Kai ka faɗi rana. In muka ba ka, za ka karɓa, ko za ka koma ka gwada mu da su?"

"Zan karɓa a take."

"Yaushe suka aiko maka?"

Yaya ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. "Farkon makon jiya."

 Sai ta ce, "Haba Malam. Me ya sa ba ka kira ni tun ranar ba?"

Sai ta warware masa yadda abin yake, dalla-dalla. Ita ba ta ɗaukar kowa aiki. Nata ta nemo, ta tace, ta miƙa. Manajan sito ne ke zaɓa, in ya zaɓa a kai wa shugaban sashen kuɗi ya amince, sannan a rubuta tayi. Mutum biyu suka rage, Yaya da wani. Wancan an sa masa ganawar ƙarshe tsakiyar mako mai zuwa, don daga nesa zai taso. Da ta san da wa'adin tun makon jiya, da ta roƙi a matso da ganawar tasa cikin wannan makon, kuma irin wannan roƙon yakan karɓu in an yi shi da wuri. Yanzu kuwa ɗaya daga cikin mutum ukun da ke zama a teburin ya yi tafiya, sai Litinin.

"Zan kira manajan yanzu-yanzu," in ji ta. "Zan gaya masa za mu iya rasa ka, kuma ba barazana ba ce. Kai kuma ka kira wancan kamfanin, ka gode musu, ka roƙi su ƙara maka 'yan kwanaki. Ka ce kana son kammala shawara da iyali. Ai ba ƙarya ba ne, ko?"

"Ba ƙarya ba ne."

"Amma ban yi maka alkawari ba. Ka ji ni da kyau."

Da aka kashe wayar na buɗe baki zan ce ai ba a fafe gora ranar tafiya, sai na ga fuskarsa, na mayar da abina ciki. Ya riga ya faɗa wa kansa abin da ya fi wannan zafi.

Ya kira masu naman. Mutumin ya ce injinansu ba sa jiran shawarar iyali, amma ya ƙara masa zuwa Litinin da la'asar, daga nan ba ƙari. Yaya ya aika wa matar saƙo da sabon wa'adin. Ta amsa da cewa ta isar.

Kwanakin nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Ba abin da za mu yi. Ba wanda za a je a gani, ba ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Maganar tana can a wani bene da ba mu taɓa hawa ba, tsakanin mutanen da ba su san akwai wani tsoho da kujerar roba ba, kuma ba laifinsu ba ne da ba su sani ba. Ni da ke da bakin faɗa na rasa wanda zan yi da shi. Na ce wa Yaya ya sake kiranta ya gaya mata halin Baba. Ya ce ya riga ya ce nasu ya fi so, sauran kuma bara ne, kuma kira a kai a kai ba zai dawo da wanda ya yi tafiya ba. Na ce to ya sa wa masu naman hannu, in na gari ya fito daga baya sai ya ba su haƙuri. Ya ce in ya sa hannu za su sallami na bayansa, shi ma wataƙila yana da nasa tsohon. Na ce masa wannan kirkin naka ne zai kashe mu. Ya ce to.

Yara suka daina kunna talabijin da ƙarfi. Anti ta riƙa sa wayarsa a caji ko tana cike. Ran Asabar wayar ta yi ƙara muka taso mu uku, ashe wata ce firijinta ke zubar da ruwa.

Baba kuwa ba a gaya masa ba, amma ciwon bai taɓa kunnensa ba. Ran Lahadi ina ba shi shayi a cokali, Yaya yana yanke masa farce, sai ya ture cokalin da hannun hagu.

"Kai," ya ce wa Yaya, kalmomin suna fitowa da ƙyar. "An ba ka aiki, ka tsaya kallon me?"

"Baba, da nisa."

"Yaranka nisa za su ci?"

"Wankanka fa, Baba?"

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni? Tafi."

Ya juya fuska bango. Yaya ya ci gaba da yankan farcen, a hankali, har ya gama duka goman.

Ran Litinin bayan azahar ta kira. Wannan karon ba ta ce za mu neme ka ba, kuma tun daga sallamarta na san amsar.

"Malam, na yi iya yina. Manajan yana sonka, ya faɗa da bakinsa. Amma ya ce ba zai yanke ba sai ya ga ɗayan, don an riga an yi masa alkawarin ganawa, mutumin kuma ba zai iya tasowa kafin ranar ba. Ko ya zaɓe ka bayan nan, sai an jira amincewar sashen kuɗi. Ba zan ce maka ka saki reshe ka kama ganye ba. Ba ni da abin da zan ba ka a rubuce yau."

"In na jira, kina ganin ni za su ɗauka?"

"Wallahi ban sani ba. In na ce maka na sani, na cuce ka."

Yaya ya yi mata godiya, godiya mai yawa, har da fatan Allah ya bar zumunci. Ya roƙe ta ta cire sunansa don kada ya ɓata musu lokaci. Ta ce za ta riƙe takardunsa ko wani abu zai taso nan gaba. Ya je shagon buga takardu na bakin titi, ya sa hannu, aka tura wa masu naman kafin la'asar. Har yau ba mu san wa manajan zai zaɓa ba da an kai ga zaɓen, kuma wannan rashin sanin ya fi damuna fiye da a ce an ƙi shi.

Kafin ya tafi ya yi abin da zai iya. Ya kafa ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki. Ya samo wani ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, ya nuna masa yadda ake ɗaga Baba ta ɓangaren hagu, da yadda ake gwada ruwan da gwiwar hannu. Mutumin ya ce ranaku uku a mako kawai zai iya, yana da wasu gidajen. Maigidana ya ce zai riƙa cike sauran, Baba ya ce gara ya ruɓe da surukinsa ya gan shi tsirara.

Yaya ya tafi da sassafe ranar wata Lahadi, da jaka ɗaya da akwatin kayan aikinsa. Washegari ba ranar ma'aikacin jinyar ba ce. Na zo da wuri, na dafa ruwa, na sirka. Ni da Anti muka tallabi Baba da rigarsa da wandonsa, da ƙyar da jan ƙafa, muka zaunar da shi a kujerar. Na ajiye bokitin ta hagunsa, na sa sabulu da soso inda hannunsa zai kai.

"Baba, ko in rufe idona in taimaka maka da rigar kawai?"

"Fita."

Na fita na ja ƙofar, na tsaya a jikinta. Na daɗe ina jin numfashinsa yana kokawa da rigar. Can na ji moɗa ta shiga ruwa, sau ɗaya, sau biyu. Sai bokitin ya kife, ruwan ɗumin ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa mini ƙafafu. Na kama mariƙin ƙofar.

"Baba?"

Na kasa kunne. Sannan muryarsa ta fito, ƙasa-ƙasa, ba faɗa a cikinta ko kaɗan.

"Kada ki shigo, 'yar nan. Kira mini yayanki."